Triniti: Yadda Za a Bayyana Shi ga Wanda Bai Tashi a Coci Ba

Jama'a, barkanku da yamma. Na baya, kuna jina? To, madalla. Abubuwa uku zan faɗa.

Na farko, fara da inda Kirista ya fara: Allah ɗaya ne. Da aka tambayi Yesu umarnin da ya fi girma, a Markus 12:29, da wannan ya buɗe baki. Duk wanda ya ce alloli uku ne, ya fita daga koyarwar Kirista, ya fita fit. Sai ka raba tambaya biyu. Mene ne Allah? Zati ɗaya, iko ɗaya, nufi ɗaya. Wane ne Allah? Uba, Ɗa wato Yesu, da Ruhu Mai Tsarki. Uban ba shi ne Ɗan ba, Ɗan ba shi ne Ruhun ba, amma kowannensu cikakken Allah ne, ba sulusi ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Misalin ruwan nan da ake bayyana Triniti da shi, wai ruwa, ƙanƙara, tururi. Don Allah ku bar shi! Na san malaman makarantar Lahadi suna nan, ga su can suna murmushi. Ku bar shi. Me ya sa? Ruwan nan guda ne yake sauya kama: yanzu ƙanƙara, an jima tururi. Wato kana cewa Allah ya zama Uba, daga baya ya koma Ɗa. Wannan ita ce koyarwar da ake jingina wa wani malami mai suna Sabeliyus tun ƙarni na uku, ikilisiya kuma ta ƙi ta. Yaya za ka gane ka faɗa ramin? Kai bayaninka Kogin Urdun, inda aka yi wa Yesu baftisma, Matiyu 3:16-17. Ɗan yana fitowa daga ruwa, Ruhun yana sauka kamar kurciya, muryar Uban tana fitowa daga sama, duka a lokaci guda. A lokaci guda, na ce! In bayaninka ya kasa ɗaukar wannan, ya karye. Kuma da Yesu yake addu'a, da wa yake magana?

Na biyu... ko na uku ne? Wani ramin kuma, koyarwar wani malami, Ariyus na Iskandariya, da sauri. Shi cewa ya yi Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron shugabannin ikilisiya a Nikiya a shekara ta 325 ya ce a'a, zatinsa ɗaya da Uba. Taron Kustantiniya a 381 ya ƙara bayani kan Ruhu.

Na'am, Malam, ɗaga murya. Yana tambaya: in akwai Ɗa, ina uwar, ko Maryamu tana cikin ukun? Na gode, ranka ya daɗe. A'a, ba ta ciki. Mutum ce, halitta, mai daraja ƙwarai. Kuma babu aure, babu saduwa, Kirista ma saɓo yake ɗaukar wannan magana. Ɗan yana tare da Uba tun fil'azal, ba shi da ranar farawa. Abin da ya fara a cikin Maryamu shi ne zamansa ɗan'adam. Kana iya ƙin yarda, Malam, amma abin da Kirista yake nufi ke nan.