Wasiƙar Mai Albasa: Laccar Rage Doguwar Imel da Aka Yi a Agege

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa, kuma duk a kan wasiƙa guda zan ɗora su, ta wani yaronmu da ke kai wa wani otal albasa daga kasuwar Mile 12. Shi ya ba ni izini, sunaye kawai na cire.

Layi 26 ya rubuta. Gaisuwa, godiya, labarin motar da ta lalace a Jebba, tsadar kaya, ruwan da ya jiƙa buhuna. Kuɗin da yake bi, naira 480,000, sai a layi na 22 suka fito. Ku tuna, akawun otal a waya zai buɗe saƙon, wataƙila ma yana cikin cunkoson gadar Third Mainland. Farkon kawai zai gani. Ya ga gaisuwa, ya ce sai anjima. Shi ke nan, an binne ta.

Na farko ke nan: kafin ka goge komai, tambayi kanka, me nake so mutumin nan ya yi bayan ya karanta? Amsar ita za ta hau sama. A nan, ya biya kuɗin buhu takwas.

Sai wa'adi. Jama'a, nan ne abin ke ci mini rai. Yaron ya rubuta "a taimaka a biya da wuri". Da wuri yaushe? A wurinka yau ne, a wurin akawu ƙarshen wata ma da wuri ne. Haka "gobe". In ka tura Litinin da dare ya buɗe Talata, goben wa za a bi? Haka "mako mai zuwa". Malama, kina dariya, na san an taɓa yi miki. Wa'adi sai da rana, da kwanan wata, da ƙarfe. Rana, kwanan wata, ƙarfe. Watan kuma a rubuta sunansa, domin 11/6 a wurinmu 11 ga Yuni ne, Ba'amurke kuwa 6 ga Nuwamba zai karanta.

Kuma a duba kalanda. Da muka zauna gyara, yaron ya ce a sa Alhamis, 12 ga Yuni. Na ce wannan Ranar Dimokuraɗiyya ce, hutu ne, bankuna a rufe, mai sa hannu ba ya ofis. Muka dawo da shi Laraba. Muka ce ƙarfe 12 na rana, don in an yi shiru yana da sauran yini da zai buga waya. Sannan wa'adi yana son dalili, layi ɗaya tak. In ba dalili, kamar umarni kake bayarwa. Dalilinsa kuwa na gaskiya ne: Juma'a za a yi masa lodi a Aliero, sai da kuɗi a hannu.

Na nawa muke? Na uku ko? To, ga yadda ta koma. Da Turanci ya tura, zan karanta muku da Hausa. A gurbin Subject: "Biyan kuɗin albasa, naira 480,000, kafin Laraba 11 ga Yuni." A ciki: "Barka da aiki. Ina roƙon a biya naira 480,000 na buhu takwas da na kawo ranar 26 ga Mayu, kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba, 11 ga Yuni. Juma'a za a yi mini lodin kayanku na gaba, sai da kuɗin. Na haɗa takardar shaidar karɓar kaya da lambar asusuna. Na gode."

Labarin Jebba fa? Ya fita, don ba zai canza abin da akawu zai yi ba. Amma adadi da kwanan wata ba a taɓa su. In kana son gwaji, ba wani ya karanta sau ɗaya, ka karɓe wayar, ka ce me ake nema, yaushe? In ya yi inda-inda, da saura.

Na ga hannu. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo ya ce yanke gaisuwa ga wanda kake neman abu a wurinsa rashin ladabi ne.)

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce, kuma ban ce a yanke ba. Ka ji "barka da aiki" da "na gode" suna nan. In kai zan rubuta wa, zan ƙara da ranka ya daɗe da yaya iyali, su ci layi biyu, na uku buƙata. Cikakkiyar gaisuwa kuma zan kira ka in yi ta da baki, sannan in ce na turo saƙo, a duba kafin Laraba. An kira salla ko? To, mu tashi, masu wasiƙu a waya ku same ni bayan La'asar mu rage su tare.