Yadda Ake Neman Takardar Shaida Daga Tsohon Malami ko Maigida

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama da ɗaliban da suka kammala digiri, a Sakkwato.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Bari in fara da saƙon da na fi samu a wayata. Lambar da ban sani ba ce za ta rubuto, "Salam Malam." Sai shiru. Na amsa, sai a ce, "Ya gida, ya aiki?" Sai a kwana biyu kafin maganar ta fito: "Malam ɗalibinka ne, takardar shaida nike so, jibi za a ruhe." Ɗalibina wane? Na wace shekara? Takardar zuwa ina? Kuna dariya, amma a cikinku akwai masu wannan aikin.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutumin da ya duba aikinka ko ya shugabance ka shekara huɗu da suka wuce, mai yiwuwa ya manta ka. Ba wulaƙanci ba ne. Kai malami ɗaya ka yi, shi kuwa ɗalibai nawa suka ratsa ta hannunsa bayanka? Idan ka bar shi da abin da zai iya tunawa, zai rubuta cewa kana da ladabi da ƙwazo, kuma masu tantancewa sun karanta irin wannan har sun gaji. Abin da ke da nauyi wurinsu shi ne shaida ya ce ga abin da na ga ya yi, a lokaci kaza. Wannan kuwa kai za ka tuna masa.

Mu ɗauki misali. A ce yarinya ta karanta aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta gama a 2021, yanzu tana neman digiri na biyu a waje. Ga yadda zan so in ga saƙonta. Ko da Turanci za ta rubuta, ginin ɗaya ne:

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Sunana wance, ga lambata ta ɗalibta. Ku kuka duba bincikena na kammala digiri a 2021, kan asarar albasa wajen adanawa a Goronyo. Ni ce kuka sa na sake awon gaba ɗaya da sikelina ya ba da matsala. Ina neman digiri na biyu a fannin adana amfanin gona, kuma suna son shaidar wanda ya san aikina na bincike. Idan kuna ganin kun san ni yadda za ku iya rubuta mini shaida mai ƙarfi, zan yi farin ciki. Jami'ar da kanta za ta turo muku imel mai ɗauke da wurin da za ku latsa ku ɗora takardar, kuma za a rufe ranar 15 ga Janairu. Na haɗo tarihin karatuna da aikina, da sakamakona, da taƙaitaccen bayanin binciken a shafi ɗaya. Idan lokaci bai ba ku dama ba, wallahi babu komai, ku dai sanar da ni zuwa ƙarshen mako in nemi wani. Na gode."

Ku lura gaisuwa layi ɗaya ce. Mu nan an tarbiyyantar da mu cewa ba a faɗa wa babba buƙata sai an gaisa an natsu, kuma gaskiya ne idan ƙafa ka taka ka je ofishinsa. In kana cikin gari ma zuwan ya fi, ka durƙusa ka gaishe shi. Amma ko ka je, ka bi shi da rubutu a ranar, domin maganar tsaye a bakin ofis ba ta kai wa Magariba. A rubuce kuwa, girmamawar ita ce kada ka sa dattijo ya yi ta tambayarka abin da ya kamata ka faɗa tun farko.

Jimlar sikelin nan ita ce zuciyar saƙon. Suna ba ya tuna mini kowa, amma yarinyar da ta sake awon albasa cikin zafin Afrilu ba tare da ta yi ƙorafi ba, ita kam zan tuna ta. Kuma ta riga ta ba ni abin rubutawa: ta gano kuskure, ba ta ɓoye ba, ta gyara. Wanda ya yi aiki a ofis ko wurin bautar ƙasa ma haka zai yi, ya ce ni ne na riƙe rajistar kaya wata takwas, ni na gano lissafin bai daidaita ba.

Sai ƙofar fita da ta bar mini, kuma a nan nake so in ɗan tsaya. Mu mutane ne masu kara. Babba ba zai dube ka ya ce ba zan rubuta ba. Zai ce "To, Allah shi kai mu," kai kuma ka tafi kana murna, alhali ko dai bai tuna ka ba, ko aikin naka bai gamshe shi ba, ko tafiya ce a gabansa. Ƙarshenta ko ranar ta wuce babu takarda, ko a samu layi uku marasa gishiri, wanda gara babu. Shi ya sa ta ce "shaida mai ƙarfi," ta kuma sa ranar da take jiran amsa. Ta sauƙaƙa masa ya ce a'a ba tare da kunya ba. Yaya za ka gane "to" ta gaske? Wanda zai rubuta yakan tambaye ka wani abu, ko ya ce turo mini kaza. Idan ka tuntuɓa sau biyu shiru, ka ɗauka amsa ce, ka nemi wani. Saboda haka ne nake cewa a ba da mako huɗu, uku in an matsu. Tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, misali, shaidu biyu yake nema, to ka tanadi mutum uku a ranka.

Wani abu ƙarami da ke jawo asara: kada ka sa sunan mutum a fom kafin ya amince, kuma ka tambaye shi imel ɗin da yake buɗewa. Jami'o'i da yawa sun fi son adireshin wurin aiki, amma akwai malaman da sukan yi wata ba su leƙa shi ba. Saƙon kuma yakan faɗa cikin Spam. Ranar da ka tura fom, ka sanar da shi ta WhatsApp cewa saƙon ya taho, daga jami'a kaza. Saura mako ɗaya, ka sake tunatarwa a layi biyu.

Naam, ɗan'uwa mai farar hula? Yana tambaya, idan Malam ya ce je ka rubuto in sa hannu fa? Yana faruwa sosai. Shawarata kada ka rubuto masa yabon kanka. Ka ce, "Malam bari in kawo muku abubuwan da na yi a jere, da shekaru, ku ku sa hukuncinku." Wasu jami'o'in sun hana ɗalibi rubuta shaidarsa ƙiri-ƙiri, kuma idan salon takardar ya zo ɗaya da na bayanin da ka rubuta game da kanka, mai tantancewa zai gane. Ka duba ƙa'idar inda kake nema tukuna.

In ya ɗora, ka gode masa a ranar. In sakamako ya fito, ka samu ko ba ka samu ba, ka gaya masa. Akwai wanda na rubuta wa shaida, sai a bakin wani na ji ya yi shekara a waje. Da zai sake nema, lamba ce baƙuwa ta shigo: "Salam Malam."

An kira La'asar. Masu sauran tambaya su same ni bayan salla.