Hawa da Saukar Murya a Karatu: Lacca ga Ɗaliban Harshe

Assalamu alaikum. To, ɗalibai, yau sai mun buɗe baki, don abin da za mu yi ba ya koyuwa da ido.

Ku faɗi wannan tare da ni: "Audu ya tafi makaranta." Kun ji yadda muryar ta faro daga sama tana gangarowa? Akwai dalili. Gaɓar "Au" karin sama gare ta, "du" kuwa karin ƙasa. "Ya" ma karin sama ne, amma da yake ta biyo bayan ƙasa, ba ta kai tsayin "Au" ba. Haka "fi" a cikin "tafi" ba ta kai "ya" ba. Duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa sai ya ɗan rage tsayi, kamar mai sauka a matakala. Wannan gangarar ce ke shaida wa mai sauraro cewa labari kake ba shi.

Yanzu ku mai da ita tambaya, kada ku ƙara ko kalma ɗaya: "Audu ya tafi makaranta?" Me ya sauya? Gangarar nan ta ragu ƙwarai, sa'an nan gaɓar ƙarshe, "ta", ta yi tsalle sama da 'yan'uwanta. Irin tambayar da amsarta i ko a'a ke nan.

Amma a nan masu karatu da yawa ke tuntuɓe. Da zarar sun hango alamar tambaya sai su cilla murya sama. Ku gwada "Yaushe Audu ya tafi?" Kalmar "yaushe" ta riga ta yi aikin tambayar, saboda haka muryar sauka take yi a ƙarshe. Haka abin yake da wa, me, ina da yaya. In ka ɗaga ta, sai a ji kamar maimaita tambayar wani kake yi cikin mamaki.

Jeri kuwa ba wuya: "Ya kawo littafi, da alƙalami, da takarda." Ka riƙe muryarka a kan littafi da alƙalami, kada ka sake ta sai a takarda. In ka sauke tun a littafi, mai sauraro ya ɗauka ka gama.

Ga aikin gida. Ku rubuta jimlolin nan huɗu, ku ja kibiya a kan ƙarshen kowace, mai kallon sama ko ƙasa. Ku fara rera su baki a rufe, da hanci kawai, sa'an nan ku karanta da ƙarfi kuna ɗaukar muryarku a waya. Ku kunna wa wanda bai ga takardar ba, ya faɗa muku waɗanne ne tambayoyi. In ya yi jim kafin ya amsa, ku sake ɗauka.