Me ke sa waya zafi in an daɗe ana wasa, kuma ya za a huce ta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata ranar Afrilu, bayan azahar, ƙanena ya shigo mini da wayarsa a nan Damagaram, ransa a ɓace. Ya ce: "Yaya, duba mini, wayar nan ta lalace. Ina cikin PUBG sai hoto ya riƙa tsalle, haske ya ragu, caji ma ya tsaya." Na karɓa, bayanta kamar an ɗauko ta daga bakin murhu. Na tambaye shi inda yake wasan. A kan katifa yake, waya na cikin rigarta ta roba, ga caja a jone, ɗaki kuma mai rufin kwano. Wayar lafiyarta lau, kare kanta take yi.

A cikin kowace waya akwai wani ɗan guntu da bai wuce faɗin farce ba, shi ake kira furosesa. Shi ke lissafin wasan, shi ke zana hoton. Idan ka sa wasa ya ba ka hoto 60 a daƙiƙa, to kowane hoto sai an zana shi daga farko, da bishiyoyinsa da inuwarsa da hayaƙinsa, cikin kaso ɗaya bisa sittin na daƙiƙa. Wutar da wannan aiki ke ci kusan duk zafi take komawa. Ga allo da ke ƙara nasa, musamman in an ƙure haske. Ga rezo, wanda in ya yi rauni sai wayar ta ƙara ƙarfin da take aika saƙo zuwa eriya, shi ya sa ƙuryar ɗaki mai sanda ɗaya ta fi tsakar gida zafafa waya. Kwamfuta tana da fanka a ciki, akasarin wayoyi ba su da ita. Hanyar fitar zafin guda ce, ta jikin wayar zuwa iskar da ke kewaye.

A nan ne garinmu ya shigo cikin magana. Zafi yana gudu ne daga wuri mai zafi zuwa wurin da bai kai shi ba, kuma saurin gudun ya danganta da tazarar da ke tsakani. A ce bayan wayarka ya kai digiri 45. Da daren hunturu, iska na 25, tazarar digiri 20 ce, zafi na fita hankali kwance. Da ranar bazara kuwa, iskar ɗaki na 40, tazarar ta koma 5 kacal. Waya ɗaya, wasa ɗaya, amma abin da ke fita kamar rubu'in na farko ne. Apple da Samsung duk sun rubuta cewa an yi wayoyinsu don aiki a iskar da ke tsakanin digiri 0 da 35. Mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa kanta tana haura 40. Tun kafin ka buɗe wasan ka riga ka wuce iyaka.

Idan zafi ya taru, wayar da kanta ke rage gudun furosesa, ta dusashe allo, ta rage caji ko ta tsai da shi. Tsallen hoton da ƙanena ya gani ke nan. Furosesa yana jure zafi sosai. Wanda nake jin tausayi shi ne batir, domin batirin litiyom ba ya son caji a sama da digiri 45, kuma duk lokacin da ya daɗe cikin zafi ƙarfinsa na raguwa, raguwar da ba ta dawowa. Wanda ya saba wasa a kan caji da rana, shi ne za ka ji yana cewa batirinsa ba ya kai yini tun wayar ba ta tsufa ba.

Don kada mu yi ta hasashe, na duba zafin batirin. A wasu wayoyin Android, wannan lamba da kuke gani in an danna ta a wurin kira tana nuna shi:

```
*#*#4636#*#*
```

In taka ba ta nuna ba, manhaja irin AIDA64 tana nunawa. Wayar ƙanena ta nuna digiri 46.

Abu na farko, na zare caja, domin caji kansa zafi yake haifarwa, ka ga wuta biyu a tukunya ɗaya. Na rufe wasan gaba ɗaya, na kashe data, na cire rigar robar. Sai na ɗauko farantin ƙarfe busasshe wanda yake inuwa, na kwantar da bayan wayar a kai, na juyo fanka ta fuskance ta. Katifa riƙe zafi take yi, ƙarfe kuma janye shi yake, fanka kuma na kore iskar da ta ɗumama a jikin wayar. In babu wuta, dandaɓen siminti a inuwa da mafici sun wadatar. Bayan kamar minti goma sha biyar ta sauko 40, kusa da zafin ɗakin. Ba za ta sauka ƙasa da haka ba, kuma kada ka jira hakan, fanka ba ta iya sanyaya abu fiye da iskar da take kaɗawa.

Ƙanena ya ce ai da a firij muka saka ta, ko mu ɗora mata ledar ƙanƙara. Don Allah kada ku yi. Ku tuna yadda raɓa ke taruwa a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Haka take taruwa a kan waya, har cikinta inda hannu ba ya kaiwa, ta ci ƙananan hanyoyin wuta a hankali, balle da damina da iska ke da laima. Jiƙaƙƙen tsumma da gindin randa mai tsattsafo su ma a bar su.

Da ya koma wasan, mun gyara saiti. A PUBG Mobile mun mai da hoto zuwa Smooth, wato Fluide ga mai wayar Faransanci, muka sauke saurin hoto daga Extreme mai 60 zuwa High mai 30. Rabin hotunan ke nan, aikin zane ya ragu ƙwarai. Na san masu gasa ba sa son jin 30, amma a ganina 30 da ta tsaya cak ta fi 60 da za ta rushe ana tsakiyar faɗa. Haske muka bar shi rabi. Caji kuma ya riƙa yi kafin wasa, in ya cika ya zare. Wasu wayoyi suna da Bypass Charging, wanda ke kai wuta kai tsaye ga wayar ba tare da cika batir ba. In taka na da shi, kunna shi. Dogon wasa kuma a bar shi sai bayan isha'i, a tsakar gida.

Akwai zafin da faranti ba ya magani. In wayar na zafi alhali ba ka yin komai da ita, wata manhaja ce ke aiki a ɓoye ko batir ya gaji. In ka ga murfin baya ya ɗago, ko allo ya fara rabuwa da jiki, ko ka ajiye ta a tebur tana lilo, batir ne ya kumbura. Kashe ta nan take, kada ka sake jona ta a caji, kada ka danna kumburin ko ka huda shi. Ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da tufafi, sannan ka kai wa mai gyara ya canja batirin.