Littafin bashin da kake gudun buɗewa

A ce kana da shago, wata uku ke nan ba ka zauna ka tattara lissafin bashi ba. Kullum sai ka ce gobe in an tashi daga kasuwa. Kai da ke buɗe shago tun da sassafe ba rago ba ne. Abin da kake gudu shi ne faɗuwar gaban da za ka ji in ka ga yawan kuɗinka da ke hannun mutane. Fuschia Sirois da Tim Pychyl, masana halayyar ɗan Adam, sun yi bayanin haka a 2013: mai ɗage aiki sauƙin zuciya na yanzu yake saye, gobe ya biya da tsada.

To, akwai dabarar maganin ɗage aiki da ake kira ƙa'idar minti biyu, kuma iri biyu ce. Ta marubuci David Allen, a 2001, cewa take in aiki bai wuce minti biyu ba, yi shi nan take. Wannan ba za ta fisshe ka ba, lissafin wata uku ya fi ƙarfinta. Ta marubuci James Clear ce, ta 2018, ta dace da kai: a rage aikin har mafarinsa ya shiga cikin minti biyu.

"Zan yi lissafi" ba mataki ba ne, buri ne. Mataki shi ne abin da hannu zai yi. Bayan sallar la'asar, ɗauko littafin, buɗe shafin farko, rubuta sunan mutum ɗaya da abin da kake bin sa a farar takarda. Mai shayin bakin layi, dubu goma sha biyu. Shi ke nan. In ka ga dama, rufe.

Kuma rufewar da gaske ake nufi. In ranka ya gane wayo kake masa, minti biyu a baki, awa uku a zuci, gobe ba zai yarda ba. Sau da yawa dai za ka ga ka wuce zuwa suna na biyu da na uku, don aikin da aka taɓa yakan yi ta jan mutum ya koma masa.

Yaya za ka gane matakin ya yi girma? In lokacin ya yi ka tsinci kanka kana latsa waya, ƙara rage shi: yau ɗora littafin a kan kantar shago kawai.

Sai dai a kula da shirin ƙarya. Sayo sabon littafi, neman biro mai kyau, share shago, duk wankin hula ne da zai kai ka dare. Matakin gaskiya sai ya taɓa lambobin da kake tsoro.

In kuwa kwana uku kana buɗewa kana tsayawa a wuri ɗaya, wataƙila shafin ne ya rikice, an soke nan an ƙara can. Minti biyun ranar, kira yaron shagon da ya rubuta ya karanta maka.