Turmi 40 Aka Biya, 25 Ne A Ƙasa: Me Za Ka Rubuta Wa Mai Kaya?

Auta: Assalamu alaikum, masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Ƙofar Ƙaura a Katsina. Hajiya, tun makon jiya saƙonni ke shigowa a kan maganar nan ta ankon biki, inda aka biya ka kuɗin kaya duka amma ba duka ka samu ba, har da masu sayar da takalma da kayan kicin suna cewa su ma abin da ke damunsu ke nan.

Hajiya: Ai dole, Auta. Duk mai saro kaya daga Kantin Kwari ya san wannan rana. An turo maka kuɗin turmi 40, ka je wurin dila ya ce 25 suka rage a wannan zanen, sauran sai wani kaya ya iso daga Legas. To daga nan ake gane ɗan kasuwa.

Malam: Da yawa shiru suke yi. Su ɗora 25 a mota, sai mai kaya ta kwance ƙulli ta ƙirga ta ga babu.

Hajiya: Wannan shi ne mafi muni. Saƙo ya riga kaya isa, kai, ya riga kaya barin shago ma. Domin mai kaya tana da zaɓi. Wata za ta ce a turo abin da ke akwai, wata ta ce a haɗa gaba ɗaya, wata ta ce a sauya zane tun da wuri. In ka riga ka ɗora a mota ka ƙwace mata wannan zaɓin.

Auta: To Hajiya ku ba mu misali, yadda za a rubuta.

Hajiya: Mu ɗauka uwar amarya ce a Daura, biki ranar Asabar 29 ga wata, yau Talata 4. Turmi 40, mai yadi shida shida, a ce naira 12,000 kowane, ta biya 480,000. Ga abin da zan rubuta mata. "Salamu alaikum Hajiya. Cikin turmi 40 da kika biya, 25 suna hannuna, in kin amince zan ɗora su a motar Daura gobe Laraba 5 ga wata, in turo miki lambar direba. Sauran turmi 15, kuɗinsu naira 180,000, za su iso hannunki ranar Asabar 15 ga wata in sha Allahu. Kuɗin motar karo na biyu a kaina yake. In ranar ta zo ba su iso ba, zan mayar miki da 180,000 a ranar, sai dai in ke kika zaɓi ki ƙara jira." Shi ke nan. Ba doguwar ban haƙuri, ba labarin yadda dila ya yi maka.

Malam: Ni abin da ya ja hankalina, kin ce in sha Allahu kuma kin sa rana. Mutanenmu sun mayar da shi kamar ɗaya yana hana ɗaya.

Hajiya: Ba ya hanawa ko kaɗan. Malam kai ka fi mu sani.

Malam: Addini ma abin da ya ce ke nan. Cinikin da ake ba da kuɗi kafin kaya, wanda malamai ke kira salam, sharaɗinsa a san adadi, a san awo, a san wa'adi. "Kwanan nan" ba wa'adi ba ne. "Yana hanya" ma haka.

Auta: Yana hanya! Wannan kalmar teloli ce, Malam.

Malam: A'a, su nasu "saura aiki a wuya". Ka je ranar jajiberin salla, yadin naka yana nan a ninke yadda ka kawo shi, ya ce maka saura aiki a wuya.

Auta: Akwai wanda ya ce wa yayana saura maɓalli. Riga ba a yanka ba, saura maɓalli.

Malam: Wani kuma da ya hango ka sai ya jawo naka ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauko almakashi yana auna-auna, kana juya baya ya mayar.

Auta: Ko yaron shago ya ce maigida ya fita sayen zare, alhali ga takalmansa nan a ƙofa.

Malam: Zaren nan tun azumi ake saye.

Hajiya: Ku bar teloli su huta, domin su ne ma dalilin da ya sa ranar take da nauyi. Turmi 15 ɗin nan mata 15 ne, kowace sai ta kai ɗinki. Daga 15 zuwa 29 mako biyu ne, tela zai iya. Da ranar da zan iya cikawa 26 ce, to ba zan ce a jira ba sam, zan ce mata gaskiya ta zaɓi wani zanen da ke da 40 cif.

Auta: Amma ta ina kuka samo 15 ɗin? Dila ne ya faɗa?

Hajiya: Yauwa, nan ne mutane ke faɗuwa. Dila ya ce mini kaya zai sauka Kano Litinin 10 ga wata. Sai sabon ɗan kasuwa ya ɗauki 10 ɗin nan ya miƙa wa mai kaya. Ranar dila daban, ranarka daban. Litinin a sauke a kwance kaya, Talata 11 a kawo Katsina, Laraba 12 in ƙirga in duba in kai tasha. Wato in komai ya tafi daidai Laraba ce. Sai in ƙara kwana biyu saboda mota na lalacewa, ana tsayar da kaya a hanya. Ya faɗa Juma'a, ni kuwa ba na sa Juma'a, rabin yini ce a kasuwa. Sai Asabar. In ya iso Laraba na kai mata, ta ji daɗi. Kuma ranar da nake rubutawa ranar isa hannunta ce, ba ranar da zai bar hannuna ba.

Malam: In dilan shi kansa bai da rana fa?

Hajiya: To kai ma ba ka da ita, kada ka ƙirƙiro. Yadda za ka gane, tambaye shi an loda motar ko ba a loda ba, yaushe ta taso. In ya fara cewa "ana sa rai", babu kaya. Nan sai ka rubuta wa mai kaya cewa 25 kawai za ka iya ba da tabbaci a kai, ga kuɗin 15 ɗinta. Riƙe kuɗin mutum ba rana, shi ke ɓata suna.

Auta: Wata mai saurare ta ce sauran nata sun iso a kan lokaci, amma kalar ba ta zo ɗaya ba.

Hajiya: Wannan na faruwa a atamfa da shadda. Zane ɗaya, amma bugu daban, sai shuɗin ya ɗan fi duhu. A anko kuwa da an tsaya hoto zai fito. Shi ya sa nake riƙe turmi ɗaya daga na farko in mai kaya ta yarda, wato 24 su tafi, 16 su biyo baya, a gyara lissafin a saƙon. In sabon ya zo in haɗa su a hasken rana, ba a hasken shago ba, in ɗauki hoto in tura mata kafin in ɗora.

Malam: Kuma a rubuce, ba a kira kaɗai ba.

Hajiya: Ka kira don girmamawa, sannan ka bi da rubutu, ka jira ta amsa da "na amince". A jikin rasit ma ka rubuta an ba da kaza, saura kaza, rana kaza. Kwana biyu kafin ranar ka sake taɓa ta, ko labari mai daɗi ne ko akasinsa. In ka ga ranar za ta kufce, ka faɗa tun Alhamis, kada ka bari ita ta kira ka Asabar da yamma.

Auta: Mun so mu taɓo masu kayan kicin da na lefe, amma ga kiran la'asar can.

Malam: A bar shi sai mako mai zuwa. Ku ci gaba da turo saƙonni.

Hajiya: Mai takalman nan da ta tambayi wa zai biya kuɗin motar karo na biyu, a kanki yake, ke kika raba kayan. Sai an jima.