Sharhi: Shafi biyu a gaban ciyaman

Wata mai sauraro ta aiko da tambaya: "Mun kammala rahoton bincike mai shafi 120 kan rijiyoyin burtsatse na ƙaramar hukumarmu. An ce mu taƙaita wa ciyaman. Ta ina za mu fara?"

Malama, ku fara da abin da kuke so ya sa wa hannu. Yawancin masu bincike sukan bi rahoton babi-babi suna rage kowanne: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, sai shawarwari can a ƙasa. Ciyaman kuwa a mota zai karanta, ko tsakanin baƙo da baƙo, kafin ya kai ƙasan an shigo masa da wata magana.

Mu ɗauka kun duba rijiyoyi 200, kun tarar 70 ba sa aiki, kuma 50 daga cikinsu ƙaramin gyara suke jira, robar famfo ce ta cinye ko sarƙa ta tsinke. To, layin farko kada ya ce "wannan bincike ya yi nazari kan matsalar ruwa". Ya ce: "Muna ba da shawarar a gyara rijiyoyi 50 kafin rani, a dakata da haƙa sababbi bana." Nan take ku biyo da kuɗin gyaran, kusa da kuɗin haƙa sabuwa guda, da sashen da zai yi aikin, da ranar da ake bukatar amsa. Shawarar da ba kuɗi ba rana, aljihun tebur take kwana.

Daga nan sai hujja, uku ta isa. Ku ce "kusan ɗaya cikin uku ba ta aiki", ku sa lambar shafin da alƙaluman suke, don mai son bin diddigi. Hanyar bincike layi biyu ne: rijiya nawa, mazaɓa nawa, wane wata.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne wajen yanke togaciya. Idan da damina kuka zagaya, wataƙila wasu rijiyoyin da kuka samu da ruwa za su ƙafe a watan Afrilu. Rahoton ya faɗi haka a shafi na 90, taƙaitawar ta yi shiru, ciyaman ya yi kasafi a kan rabin gaskiya. Wannan jimla ɗaya ce, ku bar ta ko da za a cire wani abu. Haka kuma idan an gyara adadi a rahoto, a koma a gyara a taƙaitawa; shi ya sa ake rubuta ta bayan an rufe rahoton.

Kada ta wuce shafi biyu. In kun gama, ku miƙa wa wanda bai ga rahoton ba, ku ba shi minti biyar, ku karɓe takardar, ku tambaye shi: me ake so ciyaman ya yi, kuma nawa zai ci? In ya fara da "wato dai an yi bincike ne", sai ku koma kan sakin layi na farko.